Yadda za ka rina tutocin ado a gida ba su zuba ba, ba su koɗe ba

Karon farko da na rina ƙananan tutocin nan masu kusurwa uku da ake jerawa a igiya don ƙawata wurin biki, da yamma na rataye su ina ta kallo ina jin daɗi. Da dare aka ɗan yi yayyafi. Gari na wayewa na tarar jan ya tsiyayo a jikin farin bango kamar an yi yanka a wurin, tutocin kuwa sun yi fari-fari. Laifin ba na ruwan sama ba ne. Launin bai taɓa kama zaren ba tun farko, zama kawai ya yi a kansa, ni kuma ban wanke wanda bai kama ba. Gyaran wannan kuskuren shi ne kusan duk abin da zan faɗa a nan.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: igiya mai tsawon mita 10, da tutoci 36 masu launi uku, ja da rawaya da shuɗi. Kowace tuta faɗinta santimita 20 a sama, tsawonta santimita 25, da tazarar santimita 5 tsakaninta da ta kusa, sannan a bar rabin mita a kowane bakin igiyar don ɗauri.

Fara da sanin yadin

Rini ba ya kama kowane zare. Wanda za mu yi aiki da shi na auduga ne da danginta, irin su lilin. Foliyesta kuwa ko ka kwana kana juya shi a bokiti, da ka ɗauraye zai fito kusan yadda ya shiga. Matsalar ita ce yadi da yawa da ake kira auduga gauraye ne, ido kuma ba ya rarrabewa.

Wuta ce ke faɗin gaskiya. Yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa, ka riƙe da ƙarfe a kan kwanon da ke da ruwa, ka kunna masa ashana. Auduga tana ci da sauri, tana warin takardar da ta ƙone, ta bar toka mai laushi da ke wargajewa idan ka murza. Foliyesta yana nannaɗewa yana gudun wutar, ya narke, ya bar ɗan baƙin ƙullutu mai tauri. Idan ka ga toka da ƙullutu tare, gauraye ne, kuma launin zai fito da rauni gwargwadon yawan foliyestan da ke ciki. Irin wannan yadin fenti ya fi dacewa da shi, za mu zo kansa.

Ga lissafinmu: farin yadin auduga mai faɗin santimita 110, a yanka shi gida uku, kowane yanki tsawon santimita 60. Idan yadin matsakaici ne, kowane yanki zai kai kimanin giram 100. Aza shi a sikeli yana bushe ka rubuta nauyin, domin duk sauran awo a kansa yake. Yanki ɗaya zai ba ka tutoci wajen 20 idan ka jera su ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa, alhali 12 kake bukata. Ragowar ba asara ba ce, da su za ka yi gwaji.

Kada ka yanka tutocin kafin rini. Auduga tana tsukewa a wankin farko, bakin da aka yanka a karkace kuma yana zarewa yana miƙewa idan ana cuɗa shi a ruwa.

Sai wanki. Sabon yadi yana zuwa da sitaci da maiƙo daga masaƙa, su ne ke sa rini ya fito dabbare-dabbare. Wanke shi da ruwan zafi da sabulun gari, ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na sodar wanki, ka ɗauraye sosai. Kada ka sa ruwan nan mai ƙamshi da ke tausasa tufafi, yana barin wani santsi a kan zare. Hanyar ganewa ko ya wanku: idan ya bushe, ɗiga masa ruwa. Ya shanye nan take, to ya yi. Ɗigon ya tsaya yana ƙyalli a kai, sake wankewa.

Wane rini, kuma me ya sa

Garin rinin da aka fi samu, wanda ake cewa yana rina komai, galibi maƙalewa kawai yake yi a jikin auduga. Yana da kyau a ranar farko, amma duk sanda ya jiƙe sai ya ɗan saki. Wanda nake so ka nema shi ne rinin riyaktif na ruwan sanyi, wanda aka fi sani da sunan Procion MX. Kamfanin ICI na Birtaniya ne ya fito da irinsa a 1956. Bambancinsa shi ne yana haɗewa da zaren auduga ya zama ɓangarensa, ta yadda bayan an gama ko ruwan zafi ba ya raba su.

Amma wannan haɗuwa ba ta faruwa sai da sodar wanki, wato sodiyam kabonet, Na2CO3. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami, saboda abubuwa uku ne ake kira soda. Akwai baikabonet, NaHCO3, wanda ba shi da ƙarfin da zai sa rinin ya kama a ruwa mai ɗumi-ɗumi. Akwai kostik soda, NaOH, wadda ta yi ƙarfi da yawa, tana ƙona fata, kuma ta wani salon rini ce daban. Sodar wanki, mai matsakaicin ƙarfi a cikinsu, ita kake nema. Duba harufan da ke jikin ledar kafin ka saya.

Gishiri ma yana cikin aikin, sai dai ba shi ke riƙe launi ba, duk da yawan faɗin haka da ake yi. Aikinsa tura rinin daga cikin ruwa zuwa jikin zare. Soda ce ke ɗaure shi a can. Haka nan jiƙa audugar da ta riga ta rinu a ruwan gishiri ko ruwan kal ba ya hana ta zuba. Ruwan kal yana da amfani a rinin ulu da siliki, a auduga kuwa ɓata shi kawai za ka yi.

Rinin kansa

Ga abin da yanki ɗaya mai giram 100 ke bukata: ruwa lita 3, gishiri giram 150, sodar wanki giram 30, garin rini giram 2. Giram 2 ɗin shi ne kashi 2 cikin ɗari na nauyin yadin, yana ba da launi matsakaici. Mai son launi mai haske ya sa rabin giram, mai son ya yi duhu sosai ya sa giram 4 ya kuma ƙara gishiri zuwa giram 200. Cokali ba abin dogaro ba ne a nan, domin garin wani launi ya fi na wani nauyi. Idan babu ƙaramin sikeli, narka giram 10 a ruwa lita ɗaya, sai ka riƙa awo da ruwan: mililita 200 daidai yake da giram 2.

Yi aikin a bokitin roba. Soda tana cin alminiyam, kuma kwanon da ya taɓa rini ya bar kicin ke nan. Sa safar hannu, ka rufe hanci da takunkumi lokacin da kake ɗibar garin, don shaƙarsa a kai a kai na iya jawo ciwon ƙirji. Da ya narke a ruwa wannan haɗarin ya wuce.

Ruwan ya zama mai ɗumi kamar na wankan jariri, wajen digiri 30 zuwa 35. Idan ya yi ƙasa da digiri 21 rinin yana yin kasala, launin ya fito fayau, shuɗi mai ruwan kore ya fi kowa wannan halin. Narka gishirin tukuna. A wani ƙaramin kofi, dama garin rinin da ruwa cokali biyu har ya yi sumul ba gudaji, ka ƙara ruwa, ka tace da ƙyalle zuwa cikin bokitin. Tacewar nan kada ka raina ta, musamman a ja: ƙwayar gari ɗaya da ba ta narke ba za ta bar ɗigo mai duhu wanda ba ya fita.

Jiƙa yadin da ruwa zalla, ka matse, ka warware shi, ka tsoma. Yanzu juya shi ba tsayawa na minti 15 zuwa 20, kana buɗe duk inda ya ninke, kana danna inda ya kumburo sama. A wannan lokacin rinin yana yawo ne yana daidaita kansa, bai kama ba tukuna, don haka duk rashin daidaiton da ke akwai yana iya gyaruwa.

Bayan nan sai soda. Narka ta a kofin ruwan ɗumi. Ɗaga yadin sama ko ka tura shi gefe, ka zuba kashi ɗaya cikin uku a ruwan, ka gauraya, ka mayar da yadin. Bayan minti 5 ka zuba kashi na biyu, bayan wasu 5 na uku. Idan ka kwara ta kai tsaye a kan yadin, inda ta fara taɓawa zai kama nan take ya yi duhu fiye da sauran, kuma babu wankin da zai gyara shi. Ci gaba da juyawa lokaci-lokaci har minti 45, ko awa ɗaya idan launi mai duhu ne.

Ruwan da ya rage a bokitin zai kasance da launi sosai, zuciya za ta ce ka tsoma wani yadin kada a yi asara. Kada ka biye mata. Daga lokacin da soda ta shiga, rinin yana haɗewa da ruwa kamar yadda yake haɗewa da zare, kuma wanda ya haɗe da ruwa ya mutu. Zai ɓata yadi, amma ba zai kama ba. Saboda haka ne ma ba a haɗa soda da rini a ajiye.

Ɗauraya, inda aka fi yin sakaci

Mataccen rinin nan yana nan maƙale a jikin yadinka, kuma shi ne zai zuba a bango idan ka bar shi. Fitar da shi mataki biyu ne, kuma jerin yana da muhimmanci. Da farko ruwan sanyi, ba sabulu, sau uku ko huɗu, har santsin soda ya bar hannunka. Wannan yana fitar da gishiri da soda. Sannan ruwan zafi sosai, digiri 60 ko sama, da ɗan sabulun ruwa. Jiƙa shi minti 10, ka zubar, ka sake. Ja da shuɗi mai duhu sukan ci zagaye uku ko fiye. Kowane launi a bokitinsa, kada rawaya ta haɗu da shuɗi a wannan matakin.

Kada ganin launi a ruwan wankin ya tayar maka da hankali. Wanda ke fita dama ba naka ba ne. Abin da ya rage bayan ruwan ya yi garau, shi ne launinka na gaskiya.

Gwaji uku

Launi yana lalacewa ta hanya uku daban-daban, kuma yadi zai iya tsallake ɗaya ya faɗi a ɗaya.

Na farko zuba. Yanko ƙyalle daga ragowar, ka jiƙa, ka sa shi tsakanin fararen ƙyalle biyu, ka danna da dutsen guga mai zafi har ya bushe. Fararen sun fito tas, an gama. Sun ɗauki launi, koma ruwan zafi. Idan ka yi zagaye biyar ko shida yana nan yana zuba kuma launin yana ta raguwa, to bai kama ba ne: ko sodar ba ita ba ce, ko ruwan ya yi sanyi, ko garin rinin ya tsufa ya sha danshi, ko yadin ba auduga ba ne.

Na biyu goga. Nannaɗe farin ƙyalle a yatsa ka goga a busasshen yadin sau goma, ka sake da jiƙaƙƙen ƙyalle. Wannan ya fi shafar wanda aka yi wa fenti, kuma shi ke nuna ko tutar za ta ɓata rigar wanda ya gifta ta ƙarƙashinta.

Na uku rana, kuma shi ne wanda wanki ba ya magancewa. Rinin da ba ya zuba ko kaɗan zai iya koɗewa idan ya daɗe a rana, domin hasken yana karya launin ne a inda yake. Rufe rabin ƙyallen da kwali mai kauri, ka ajiye a taga mai rana mako biyu, sannan ka ɗaga kwalin ka kwatanta. Idan bambancin ya fito ƙarara, tutocin na cikin ɗaki ne ko na kwana biyu a waje. A abin da na gani, launi mai haske ya fi saurin nuna koɗewa, don haka tutocin da za su zauna a waje nakan rina su da ɗan duhu fiye da yadda nake so.

Shanya

Jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu nesa ba kusa ba, saboda haka kada ka yanke hukunci kan launi sai ka busar da kusurwa ɗaya da dutsen guga. Matse ruwan ta hanyar naɗe yadin a tsohon tawul, kada ka murɗa shi kamar igiya. Shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, a miƙe, ka maƙale shi ta gefe. Idan ka ninka shi a kan waya, musamman mai tsatsa, zai fito da layi a tsakiya. Kada launi biyu su taɓa juna suna jiƙe, kada kuma ka bar shi a dunƙule cikin bokiti ya kwana. Goge shi tun yana da ɗan danshi, zai kwanta sumul, yankan ya zo da sauƙi.

Zane a kai

Rini yana ratsa yadi gaba da baya, wannan ne ya sa ya dace da tuta, tunda iska na juya ta. Fenti kuwa fuska ɗaya yake zama. Don haka ni nakan rina tukuna, sannan in yi ɗan zane da fenti: ɗigo-ɗigo, tauraro, ko harafi ɗaya a kowace tuta.

Nemi fentin yadi, ko fentin akirilik da aka gauraya da ruwan da ake sayarwa don tausasa shi a kan yadi, bisa awon da ke jikin kwalbar. Akirilik zalla ma yana kamawa, sai dai yana sandarar da wurin, abin da ba babbar matsala ba ne ga tuta. Ka tuna fenti mai haske ba ya fitowa a kan yadi mai duhu: rawaya a kan shuɗi za ta koma wani kore mai datti. Ko ka fara shafa fari ya bushe, ko ka tsaya a fari kawai.

Yanke siffar a kwali ko leda mai kauri, ka shimfiɗa tutar a kan tsohuwar jarida, ka manne siffar. Ɗauki soso, ka dangwala fenti kaɗan, ka rage shi a gefe har ya kusa bushewa, sannan ka riƙa dannawa daga sama. Kada ka ja shi gefe, nan ne fenti ke kutsawa ƙarƙashin kwalin ya ɓata bakin zanen. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda yake tsagewa idan tutar ta lanƙwashe. Bar shi awa 24 a kwance, kada ka ɗora wata a kan wata. Daga nan ɗora farin ƙyalle a kai ka goge minti 3 zuwa 5 ba tare da tururi ba, kana motsa dutsen gugar. Zafin ne ke sa fentin ya jure wanki. Launukan nan masu walƙiya kamar na alamar hanya sun fi kowane fenti saurin mutuwa a rana, kada ka dogara da su a waje.

Idan takarda ce

Takarda ta cikin ɗaki ce. Zaɓi mai kauri, giram 160 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, domin ta rubutu ta yau da kullum tana yamutsewa da ta sha ruwa. Dalilin lanƙwashewar shi ne fuskar da ta jiƙe tana kumbura ɗayar ba ta kumbura ba. Maganinsa ka manne gefunan a kan katako da salatif kafin ka shafa, ka kuma shafa wa bayan shi ma idan gaban ya bushe. Akirilik da aka tsinka da ruwa ya fi fentin ruwa da tawada, saboda idan ya bushe danshi ba ya sake narkar da shi. Da ta daina ɗanko a hannu, sa ta tsakanin fararen takardu, ka ɗora littattafai masu nauyi ta kwana. Jarida ba ta dace a nan ba, tawadarta na iya komawa kan aikinka. A nan ma shafa babban falle tukuna, yanka daga baya.

Haɗawa

Yanke siffar tutar a kwali, ka zana da alli a kan yadin da ka goge. Almakashi mai haƙora yana rage zarewar baki, kuma ya hutar da kai kalmasa. Igiyar da za ka ɗinka su a ciki, wadda dogon siririn ƙyalle ce, ita ma ka yi mata gwajin zuba da dutsen guga, domin sau da yawa tutoci sun tsallake amma jar igiyar da aka sayo ce ke zuba a kan rawaya. Ninka ƙyallen igiyar biyu, ka cusa saman kowace tuta a ciki, ka maƙale da allura kana auna tazarar santimita 5 da guntun kwali, sannan ka bi da ɗinki ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Na takarda kuwa ka ninka santimita 2 na samanta a kan zare ka manne.

Bayan biki, idan sun sha raɓa ko ruwa, bar su su bushe ƙarau kafin ka sauke, don auduga mai danshi tana yin baƙin tabo cikin kwana kaɗan. Naɗe igiyar a jikin faffaɗan kwali, ka sa farar takarda tsakanin waɗanda ke da fenti don kada zafi ya manne su, ka ajiye a akwati inda haske ba ya shiga.